Mun ɗauka gigin tsufa ne ya kama Baba, ashe ido ne da kunne

Mu a wani ƙauye muke can bayan Ringim, ni malamin firamare ne, kuma ni ne ɗan da ke zaune gida ɗaya da Baba, sauran duk suna Kano da Legas. Na rubuta wannan ne saboda mun ɓata kusan shekara guda muna neman maganin abin da ba shi ke damunsa ba, kuma na san ba mu kaɗai ba ne.

Abin ya fara ne da matata. Kullum da safe za ta je ƙofar ɗakinsa ta durƙusa ta ce Baba ina kwana, shi kuma yana zaune kan buzunsa da carbi ko ɗago kai ba ya yi. Sau ɗaya sau biyu ta yi shiru, daga baya ta same ni tana kuka wai in tambayar mata me ta yi masa. Ni kuma in na shiga na gaishe shi sai ya amsa lafiya lau, to me za ta ɗauka in ba ƙiyayya ba? Sai ga maganar waje ta fara shigowa, wai ya wuce majalisar mai unguwa an yi masa sallama ya yi gaba abinsa, wai tunda 'ya'yansa suka fara aiko masa da kuɗi ya daina ganin mutane. A masallaci liman zai ɗago daga sujada shi yana nan, sai na kusa da shi ya taɓa shi. Ranar da abin ya tsaya min a rai, 'yata ta ce masa Baba a kawo fura? sai ya zabura ya ce wace kura? a ina? Yara suka kwashe da dariya, ni ma wallahi na yi, yanzu in na tuna kunya nake ji. Daga nan ya daina zuwa suna da ɗaurin aure, ya daina fita majalisa, in an taru ana hira sai ya yi tsit, in ya sa baki kuma sai ya kawo maganar da an wuce ta tuni. Da ya kira jikansa da sunan ƙanina da ya rasu, sannan wata magariba ya ce yana ganin waɗansu ƙananan mutane da huluna jere a jikin katanga, sai kowa ya yanke hukunci. Gwaggo ta ce iska ce, Yaya daga Kano ya ce gigin tsufa ne a kai shi asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau.

An yi ruƙiyya, an yi rubutu, an yi hayaƙi. Ba na raina addu'a, amma shi kansa malamin da ya zauna da shi ya ce min wannan dattijon da hankalinsa, ku kai shi asibiti. Ba mu kai ba, sai na je wani kemis na ce Baba ba ya barci yana surutai, aka ba ni wata 'yar ƙwaya wai rabi da dare. Kwana uku da fara sha ya tashi fitsari da asuba ya faɗi a bakin rijiya ya fasa goshi, kuma duk yinin ranar a ruɗe yake na gaske. Dan Allah kada wanda ya ba tsoho maganin barci ba da sanin likita ba, mu shi ne ya kusa jawo mana abin da muke gudu.

Ɗinkin goshin ne ya kai mu ƙaramin asibitin gundumarmu. Kati naira ɗari biyu a lokacin, muka jira kamar awa biyu don ranar awon ciki ce mata sun cika wurin. Ma'aikacin ya ɗinke, ya auna jini ya ce ya hau, sannan ya haska tocilan waya a idon Baba ya ce min malam zo ka gani. Baƙin tsakiyar idon nan, wanda ake ce wa ɗan ido, ya koma fari fat kamar an ɗiga nono a na dama, na hagu kuma toka-toka. Ya ce yanar ido ce, kuma ta nuna. Shekara da shekaru ina gida ɗaya da mutum ban taɓa kallon ƙwayar idonsa ba, don mu ai ba a haɗa ido da uba. Ya rubuta mana takardar turawa zuwa babban asibiti. Ku riƙe wannan takardar da kyau ku yi mata hoto a waya, ko'ina muka je sai an tambaye ta.

A babban asibitin mun isa ƙarfe bakwai, aka yanki kati aka buɗe fayil, ba mu ga likita ba sai bayan azahar. Da ma an kira sunan Baba tun wajen sha ɗaya, ni na fita sayo masa koko, shi kuma bai ji ba, aka tsallake mu zuwa ƙarshen layi. Wannan ya faru da mu sau biyu a wurare daban daban, saboda haka in za ku je ku tafi ku biyu, ɗaya ya yi zirga-zirgar biyan kuɗi ɗaya ya zauna yana sauraron suna. Da muka shiga na fara zuba wa likitan bayani cewa Baba ya rikice, sai ya dakatar da ni. Ya rufe ƙofa, ya kashe fanka, ya cire abin nan da suke sauraron ƙirji da shi ya sa a kunnuwan Baba, shi kuma ya riƙe faifan a bakinsa kamar makirufo ya ce a hankali, Baba ina wuni. Wallahi sai na ga fuskar Baba ta canza, ya ce lafiya lau likita, ina aiki, ina iyali. Ya tambaye shi yau wace rana, ya faɗa, har kwanan watan Musulunci. Ya tambaye shi abin da ya noma bana, ya lissafa masa damin gero da na dawa da buhun riɗi, har da wanda ya ranta wa maƙwabci ba a biya ba. Ya faɗa masa sunan abu uku ya ce ya riƙe, suka yi wata hira, bayan minti biyar ya tambaye shi ya kawo su duka. Likitan ya juyo ya ce min wannan ba mai gigin tsufa ba ne, ba ya ji ne kuma ba ya gani. Sai Baba ya ce, har yanzu abin yana kunnensa, ai na daɗe ina son in faɗa musu, amma duk sanda na yi magana sai su kalli juna. Ban san sanda hawaye ya zubo min ba.

Bayanin da ya yi min a ranar shi ne ya warware min komai. Ya ce kunnen tsufa ba gaba ɗaya yake toshewa ba, siririn sauti ne yake fara tafiya, irin su sa da fa da sha da tsa, amma kaurin muryar yana shiga. Shi ya sa mutum zai ce ina jin kuna magana amma ban gane me kuke cewa ba, shi ya sa fura ta koma kura, kuma shi ya sa muryata ta namiji take shiga ta matata da ta yara ba ta shiga. Sannan ya ce mai irin wannan kunnen, ba tare da ya sani ba, da ido yake cike giɓin, yana kallon leɓe da fuska. Wato Baba ya yi shekaru ba ya ji sosai amma idonsa na rufa masa asiri, da yana ta rufe idon sai abu biyun suka faɗo lokaci guda, mu kuma muka ga kamar ƙwaƙwalwa ce ta tafi. A mota muna komowa na yi ta tunanin yadda matata ke gaishe shi: daga bakin ƙofa, hasken waje a bayanta, kai a sunkuye, murya ƙasa ƙasa, wani lokacin har da gefen hijabi a baki. Duk abin da tarbiyya ta koya mata na girmama suruki shi ne daidai abin da ya hana shi sanin ma tana wurin.

Maganar ƙananan mutanen jikin katanga ma ya ce sananne ne ga wanda ganinsa ya yi rauni sosai, in ido ya daina aika wa ƙwaƙwalwa hoto sai ta riƙa ƙirƙiro nata, musamman da magariba. Har suna gare shi, na wani mutumin Suwizalan Charles Bonnet da ya rubuta shi a 1760 a kan kakansa. Alamarsa ita ce mai shi ya san abin ba gaske ba ne kuma hotunan ba sa magana. Na tambayi Baba, ya ce shi ya san babu kowa a katangar, ya faɗa ne kawai don abin ya ba shi mamaki, da ya ga an kira malam sai ya daina faɗa.

A nan aka leƙa kunnen aka ga na hagu cike da dauɗa ta daskare. Aka ce mu riƙa ɗiga man zaitun safe da yamma na kwana biyar, muka dawo aka wanke da ruwan ɗumi, wani dunƙule ya fito kamar ƙwallon dabino. Jin ya ɗan ƙaru, amma kaɗan, kada ku sa rai da yawa a nan kamar yadda na sa. Aka ɗora shi kan maganin hawan jini, aka ba mu takarda biyu, ɗaya ta ido ɗaya ta kunne, duka Kano. Likitan ya ce mu fara da ido.

Kafin mu tafi Kawu ya kawo wani mutum mai yawo ƙauye ƙauye wai yana cire yana a gida da tsinke, kuɗi kaɗan, a take. Na ƙi, har muka yi sa-in-sa. Daga baya a asibiti na ji cewa su ba cirewa suke ba, tura yanar suke ta faɗa can cikin ido, mutum ya ga haske na ɗan lokaci, sannan kumburi ko ƙwayar cuta ko hawan jinin ido ya biyo baya, kuma na ga wani dattijo a layi da aka yi wa haka, an ce masa idon ba ya gyaruwa.

Asibitin ido mun kwana a gidan Yaya muka yi sammako, shida da rabi muna bakin get amma lambarmu arba'in da wani abu. Matakin farko allon harafin E ne da ke fuskantar sama, ƙasa, hagu, dama, daga nisan mita shida, ba sai ka iya boko ba, da hannu kake nuna inda ƙafafunsa suka kalla. A nan ma sai da aka kusa yi mana mummunar fahimta, nas ɗin tana bayani daga nesa Baba na tsaye ƙiƙam, ta ce dattijo in ba za ka yi ba ka ba wasu wuri. Na ce mata ba ya ji, sai ta sauko ta kama hannunsa ta nuna masa. Tun daga ranar duk teburin da muka je, kafin komai nake cewa ba ya ji sosai, ta kunnen dama za a yi masa magana. Idon dama ko yatsu bai iya ƙirgawa ba, haske kawai yake ganewa da inda yake fitowa, na hagu yana ƙirga yatsu daga mita biyu. Aka auna ƙarfin ruwan ido aka ce lafiya, wannan ne abin da likitar ta ce mu gode wa Allah a kai, don yana ana cire ta gani ya dawo, amma hawan jinin ido in ya cinye jijiya abin da ya tafi ya tafi, tsayar da shi kawai ake yi. Sai aka ɗiga maganin buɗe ɗan ido aka ce mu jira rabin awa, bayansa gani yana ƙara dushewa na wasu awanni kuma rana tana damun mutum, kada a bar tsoho ya koma shi kaɗai. Aka yi gwajin suga, aka auna idon da na'ura don a san lambar ɗan gilashin da za a dasa, aka ba mu rana bayan sati uku. Duka ranar mun kashe wajen dubu goma sha biyu ban da mota, aikin kansa kuma aka ce dubu sittin ido ɗaya. Wannan farashin lokacin ne, kada ku riƙe shi, ku tambaya kafin ku taso, kuma akan yi aikin ido kyauta lokaci lokaci in kuna iya jira.

Ranar aiki aka auna jini aka ce ya hau, ba za a yi ba. Ashe Baba ya daina shan maganin tun tuni, don da mai ba da magani ya ce kullum ɗaya, shi bai ji ba, ya ɗauka na kwana bakwai ne kamar na zazzaɓi, ni kuma ban bi ba. Kuɗin mota ya tafi a banza, aka ƙara mana sati biyu. Karo na biyu aka yi. Ba a sa mutum barci, idon kawai ake kashewa, a rufe fuska da ƙyalle, kuma ana so ya kwanta shiru kada ya motsa. Tunda a ƙarƙashin ƙyallen ba zai ji umarni ba, tun a waje na zauna da shi na yi masa bayanin komai a kunne, kuma muka shirya da nas cewa zai riƙe hannunta, in tari zai yi ya matsa. Bai kai minti talatin ba aka fito da shi da bandeji.

Washegari aka cire. Ya yi ta ƙifta ido, ya kalli silin, ya kalli hannunsa, sannan ya kalle ni ya ce kai yaushe ka yi furfura haka? Aka ba mu maganin ɗigawa na sati shida ana rage yawan ɗigon a hankali, aka ce ban da murza ido, ban da ruwa ya shiga, ban da hayaƙi da ƙura, kuma ya yi sallah a zaune ban da sujada har sai an duba shi. Hana shi sujada ya fi komai wahala, sai da liman ya zo da kansa ya ce masa ya halatta. Aka ce in ido ya yi ja da zafi mai tsanani ko gani ya ragu mu dawo a ranar, kada mu jira ranar da aka rubuta. Da muka dawo gida matata ta durƙusa a gabansa, ya dube ta ya ce 'yar nan kin rame, ko yaron nan ba ya ba ki abinci ne? Ta tashi da gudu ta shige ɗaki. Mutanen katanga kuwa bai ƙara ganinsu ba. Bayan wata uku aka yi ido na biyu, sannan aka yanka masa tabarau na karatu, ya koma duba Alƙur'aninsa.

Abin mamaki, da idon ya buɗe sai kowa ya ce ai kunnen ma ya warke. Ba warkewa ya yi ba, leɓe ya koma kallo. Shi ya sa muka yi sakaci da takardar kunnen har wata biyar. Da muka je, aka sa shi a wani ɗan ɗaki da ba ƙara, aka sa masa abin kunne, duk sanda ya ji ƙiii ya ɗaga hannu, aka fitar da takarda mai zane layin yana gangarowa ta gefen siririn sauti. Suka tambaya ko ya yi aiki cikin ƙara, Baba kuwa ya yi shekara kusan ashirin da injin niƙa. Suka tambayi allurai da ya taɓa sha, don akwai waɗanda ke taɓa kunne, da kuma ko yana jin ƙugi, ya ce kullum kamar gyare na kuka a kansa, mu ba mu taɓa sani ba. Aka ce jijiyar ji ce ta gaji, babu tiyata babu ƙwaya, sai na'urar ji. Kuɗin da aka faɗa ya fi na aikin ido biyun a haɗe. Yaya ya ce ai akwai a kasuwa, ya sayo ta dubu takwas, Baba ya sa kwana biyu ya cire ya ce carar zakara kamar za ta fasa masa kai, magana kuma ba ta fito ba, don ita komai take ƙara wa ƙarfi, ba a saita ta da kunnensa ba. Sai da muka yi karo-karo muka sayi guda ɗaya ta kunnen dama aka saita ta da waccan takardar. Ita ma sai da ya yi kusan wata yana sabawa, awa biyu a rana sannan a ƙara. Batirinta ɗan mitsitsi ne, kwana bakwai zuwa goma yake yi, ba a samunsa a kasuwarmu sai an sayo daga Kano, kuma sai an cire ta kafin alwala.

In da zan sake, kafin malam kafin kemis zan kai shi ɗaki shiru da rana, in kashe rediyo, in zauna gabansa haske na dukan fuskata, in tambaye shi lissafin gona da na bashi. In amsa ta fito daidai a nan amma ta lalace a tsakar gida cikin hayaniya, kunne ne. In yana gane mutum da murya amma ba ya gane shi daga nesa, ko yana laluben ƙofa da magariba, a duba ido. Mai gigin tsufa na gaske ko ya ji tambayar sarai zai manta ya ci abinci, ya maimaita tambaya ɗaya sau biyar, ya ɓata a hanyar da ya sani. Kuma ana iya samun duka a mutum ɗaya, shi ya sa likitan ya ce ba a yanke hukunci kan ƙwaƙwalwa sai an gyara ji da gani. Amma ruɗewar da ta zo farat ɗaya cikin kwana ɗaya ko biyu, da zazzaɓi ko ciwon fitsari ko karkacewar baki, ko kunne ɗaya ya ɗauke kwatsam, wannan asibiti ne a ranar.

Ihu kuma ba ya aiki. Mun yi ta ɗaga murya, shi kuma ya ce me na yi muku kuke min tsawa, sai mu ce kun ga, da ma yana ji. Ashe irin kunnen nan ƙaramar murya ba ta shiga, babba kuma zafi take masa. Abin da ke aiki shi ne ka fara taɓa shi ko ka shigo ta inda zai gan ka, ka faɗi sunanka, ka yi magana a hankali da muryarka ta kullum, in bai gane ba ka canza kalma maimakon ka maimaita waccan da ƙarfi. Kuma ka daina cewa bar shi kawai ba komai in ya ce me kuka ce, Baba ya ce wannan kalmar ce ta kore shi daga majalisa.

Na je na sami mai unguwa na yi masa bayani, shi ya sa aka gyara wa Baba wuri a sahun farko dab da liman ta ɓangaren da kunnensa na dama ke fuskantarsa. Matata har yanzu ta kasa kallonsa ido cikin ido, abin da muka daidaita a kai shi ne ta shiga har cikin ɗakin, ta durƙusa ta damansa, ta ɗan buga kwanon koko a ƙasa kafin ta gaishe shi. Jiya batir ya ƙare, direban da ke sayo mana kuma sai jibi zai shiga Kano, don haka kwana biyun nan 'yata ce ke zama kusa da shi da allonta tana rubuta masa da ajami duk abin da ya wuce shi.